Muhawara: Shin amana ce a fassara sanarwar hukuma kalma da kalma?

Mai tambaya: An ba ni sanarwar tsaftar muhalli in mayar da ita Turanci. Ƙarshenta, kafin addu'ar rufewa, ya ce: "Ana jan kunnen jama'a da su zauna a gida su yi shara. Za a hukunta duk wanda ya saɓa, ba sani ba sabo. In kunne ya ji, jiki ya tsira." Na bi ta kalma da kalma, domin ina ganin maganar hukuma ba a taɓa ta, amma shugabana ya ce ta fito a sandare. Wa ke da gaskiya?

Tsohon tafinta: Shugabanka ne ke da gaskiya, ɗana, kuma matsalar ta fara tun daga tsarin takardar. Sanarwar Hausa ta gaji salon sankira, wato a fara ambaton wanda ya aiko da saƙo tare da muƙaminsa, a nemi hankalin jama'a, sannan umarnin ya biyo baya. Mai karanta Turanci kuwa yana son jimlar farko ta gaya masa abin da ake so ya yi, da rana, da lokaci. Abu na biyu shi ne "ana" da "za a", waɗanda Bahaushe ke amfani da su kullum ba tare da ya ambaci mai aikatawa ba. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai Turancin ya cika da jimlolin da aka ɓoye mai aiki a cikinsu, su kuwa a can nauyi gare su. Ka sa sunan hukumar a gaba, ka ce ita ce ke gargaɗi, ita ce za ta hukunta.

Jan kunne kuma, Bature zai ga hannu ne riƙe da kunnen yaro, saboda haka kalmar gargaɗi kawai ake bukata. "Ba sani ba sabo" na nufin ba za a ɗaga wa kowa ƙafa ba, kuma Turanci na da gajeriyar hanyarsa ta cewa babu wanda aka keɓe.

Malamar makaranta: Baba, na yarda da batun tsari, amma ina ganin kowane karin magana yana da takwaransa a Turanci, aikin mai fassara shi ne ya nemo shi. Ai "rigakafi ya fi magani" yana da nasa daidai wa daida.

Tsohon tafinta: Wannan ɗaya ya dace, Malama, amma ba kowane ba. Turanci na da karin maganar da ke cewa wanda aka gargaɗa tun da wuri ya riga ya shirya, sai dai shawara ce irin ta aboki, alhali "in kunne ya ji, jiki ya tsira" a bakin hukuma barazana ce mai ladabi. Ƙari a kan haka, takardar gwamnati ta Turanci ba ta saba rufewa da karin magana ba. Ni sai in bar shi, tunda jimlar hukunci ta riga ta ɗauki aikinsa.

Ma'aikacin rediyo: Ni abin da ke ba ni wahala shi ne takardun da ke zuwa mana da Turanci minti kaɗan kafin labarai, a ce mu mayar da su Hausa. Ina zargin ma cewa "fushin hukuma" da muke yawan faɗa ta wannan hanyar ya yaɗu.

Malamar makaranta: Malam, akasin haka ake tattaunawa. Baba, ban gamsu da zubar da karin maganar ba, domin idan aka cire shi aka kuma cire addu'ar rufewa, irin su "Allah ya ba da ikon kiyayewa", baƙon da ya karanta ba zai taɓa sanin yadda hukuma ke magana da mutanenta a ƙasar Hausa ba.

Ma'aikaciyar kotu: A wurinmu tambayar farko ita ce, me za a yi da fassarar? Idan manna ta za a yi domin baƙi su bi doka, hanyar Baba ta isa. Idan kuwa shaida ce a gaban alƙali, ba a cire komai, a fassara karin maganar kusa da lafazinsa, a yi bayaninsa a ƙasa. Akwai kuma iyakar da sassauci bai kamata ya tsallake ba. Na ga wanda ya mayar da "za a hukunta" zuwa "za a ci tara", wani kuma ya mayar da "bayan sallar La'asar" zuwa ƙarfe huɗu, alhali babu tara ko agogo a asalin takardar. Duk inda Turancin ya ƙunshi adadi ko hukuncin da babu shi a Hausar, mai fassara ya ɗora wa hukuma maganar da ba ta faɗa ba.

Mai tambaya: Tawa ta mannawa ce, Hajiya, don haka zan sake tsarin. Addu'ar dai zan bar ta, sai dai idan shugabana ya ce in cire.