Imel ɗin da ake aika wa mai aiki kowane mako: me za mu kira shi da Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum. Ƙungiyarmu tana gina sito na bankin cimaka a wani ƙauye ta wajen Madarumfa. Kowace Alhamis nakan aika wa shugaban da ya sa hannu a kan aikin gajeren imel: abin da aka yi, abin da ka iya ɓata aikin, da abin da muke so daga gare shi. Da Faransanci nake rubutawa, amma yanzu ya ce in koma Hausa don a riƙa karanta wa kwamitin ƙauye. Na rasa sunan da zan ba saƙon. Shi kansa mutumin da ake ce wa siponsa ma ban san me zan kira shi ba.

Sani: Rahoto mana. Rahoton ci gaban aiki, shi ke nan.

Hadiza: Yaya Sani, rahoto muna da shi, na wata uku-uku, shafi goma sha wani abu da hotuna da lissafin kuɗi. Idan na ce rahoto zai ajiye sai ya samu sarari. Wannan kuwa a waya yake karanta shi, wani lokaci a cikin mota. Kuma makon da ba a aza ko bulo ɗaya ba, in ce ci gaba?

Malam Isuhu: Kina da gaskiya, ɗiyata. Kalmar tana bakinmu tuni. Idan Alhaji ya kira magininsa, me yake cewa? "Ina aka kwana?" To ki sa wa saƙon suna inda aka kwana. Ya ɗauki makon da aka yi gaba, ya ɗauki makon da aka tsaya cak. Ga yadda zan rubuta irin naki, ki canza alƙaluman:

"Sito: inda aka kwana, 14 ga Mayu. Ranka ya daɗe, gini ya kai linta, saura rufi da daɓe. Mun yi baya da mako ɗaya saboda jinkirin yashi. Abin fargaba: idan ruwa ya sauka kafin a kai kwano da siminti buhu 40, babbar mota ba za ta shiga hanyar ƙauyen ba. Abin da muke roƙo: a saki jikka 800 na kashi na biyu kafin 21 ga Mayu don mu kai kayan a tafiya ɗaya."

Ki lura roƙon yana da adadi, yana da rana. Idan kika ce "muna buƙatar goyon bayanka", zai amsa da "Allah ya taimaka", kuɗi kuma ba za su fito ba.

Sani: Malam, me ya sa "abin fargaba"? A takardu haɗari nake gani.

Malam Isuhu: Haɗari a kunnen mutane mota ce ta kife ko magini ya faɗo daga tsani, wato abu ya riga ya faru. Nan kuwa ana maganar abin da bai faru ba tukuna, kuma akwai sauran lokacin tare shi. Jinkirin yashi ya riga ya auku, shi matsala ce, shi ya sa na sa shi a sama. Ga kuma waya: da yawa ba su da ɗ mai lanƙwasa, sai a rubuta hadari, mai karatu ya ɗaga kai yana duban gabas.

Hajiya Rabi: Siponsa ai mai ɗaukar nauyi ne. Kullum a rediyo muna ji, wane ne ya ɗauki nauyin kawo muku shirin. Ni ma na taɓa ɗaukar nauyin shirin mata da azumi.

Hadiza: Hajiya, wancan yakan biya ne a ambaci sunansa. Namu kuɗin ma ba nasa ba ne, na masu tallafi ne. Shi dai ke da ikon cewa a sake su, shi ke yanke hukunci idan za a rage girman sito, kuma idan aiki ya lalace shi za a tambaya.

Malam Isuhu: Ni uban aiki nake cewa, kamar uban tafiya. Majiɓincin aiki ma ya yi, sai dai ya yi nauyi a bakin kwamitin ƙauye.

Sani: Idan mace ce fa? A wurinmu Madam ce ke riƙe da wannan matsayin. Uwar aiki? Ni kunnena bai karɓa ba. Gara mai aiki kawai.

Hadiza: Mai aiki kuma wani zai ɗauka lebura ake nufi. "Inda aka kwana" da "abin fargaba" na ɗauka, da su zan aika na Alhamis ɗin nan. Sunan mutumin kuwa a cikin imel "Ranka ya daɗe" ya ishe ni, sai ranar karanta wa kwamiti zan gwada uban aiki in ji yadda dattawan za su karɓa.