Shawarwarin da aka bayar kan gyaran takardar neman tallafi

A zaman da wasu ƙungiyoyin mata manoman shinkafa suka yi a Argungu, wata sakatariya ta kawo takardar da aka dawo musu da ita. Aikin da suka tsara yana da kyau, amma masu ba da tallafin sun nemi sassa a wannan jeri: bayanin matsala, manufa, ayyuka, sa ido, sannan kasafin kuɗi. Ita kuwa ta fara da tarihin ƙungiya, ta cusa matsalar ban ruwa a shafi na uku.

Wani dattijo da ya daɗe yana duba irin waɗannan takardu ya ce mata: "Hajiya, mai dubawa da takardar maki yake aiki. Idan ya nemi sashe bai gan shi a wurinsa ba, sifili zai rubuta, ko da bayanin yana can gaba."

Shawarar da aka fi yarda da ita: a buɗe sabon shafi, a kwafe kanun masu tallafin kalma da kalma har da lambobinsu, sannan a riƙa ɗauko sakin layi daga tsohuwar takardar ana ajiye kowanne a gidansa. Kanun da ya zauna wayam, nan ne aikin da ya rage. Tarihin ƙungiya a taƙaita shi ƙarƙashin sashen ƙwarewa, in an tanade shi.

Ni abin da na fi jin tsoro shi ne bayan sauyin: a bi duk inda aka rubuta "duba sashe na huɗu", domin lambobin sun canza.