Yaya zan rubuta jadawalin shifti na watan azumi?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ina kula da masu aikin karɓa-karɓa, shifti uku, awa takwas-takwas, kuma injin ba ya tsayawa. An ce in rage zuwa awa shida saboda azumi, in sa lokutan salla. Na rubuta "hutun Magariba 6:30". Ya yi haka?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Hajiya. Cire 6:30 ɗin nan. Magariba rana take bi, tana iya gusawa da mintoci kafin wata ya ƙare. Ki rubuta: "Hutun buɗa-baki da salla minti 30 ne daga shigar Magariba. Rabin ma'aikata su fita, rabi su riƙe aiki, sannan a yi musaya." Haka ranar farawa, ki ce "daga 1 ga Ramadan zuwa ganin watan Shawwal", tunda azumi 29 ne ko 30. Sannan kin yi lissafi? Shida sau uku 18 ne, wa zai riƙe sauran awa shidan?

Ɗan Autan Gida: Ai sai a tashi ƙarfe biyu kowa ya huta. Mu haka muke yi.

Maman Ilham: Ƙanena, ku ofis ne. Na ce injin ba ya tsayawa.

Uwar Biyu: Ni dai ki rubuta maganar albashi ƙarara. Inda na yi aiki an manna mana takarda "an rage awa biyu", muka yi ta godiya. Ƙarshen wata aka yanke kuɗin awannin tas, ana saura kwanaki Salla. Da muka je, manaja ya ɗauko takardar ya ce mu nuna masa inda aka ce ba za a yanke ba. Babu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Autan Gida: Yanka haramun ne a doka, awa biyu ake ragewa ko'ina.

Baban Ummi: Ba ko'ina ba. A Saudiyya awa shida ne a rana ko 36 a mako ga Musulmi, Daular Larabawa kuma awa biyu take ragewa. Wasu ƙasashen sai abin da kuka yi yarjejeniya.

Ɗan Autan Gida: Baba, ka taɓa yin shiftin dare kuwa, ko karatu ne kawai?

Mai Gyangyaɗi: A sa hutun barci bayan sahur, ni shi ne matsalata 😂

Uwar Biyu: Kuma wa zai riƙe aiki zagayen farko na buɗa-baki? Mu kullum abokan aikinmu marasa azumi ake jibga wa, ba a rubuta ba, ba a biya su. Da bikinsu ya zo aka hana su hutu.

Maman Ilham: Zan ƙara "ba tare da rage albashi ba" in shugabanni sun yarda. Awa shidan nan fa, shifti na huɗu ko kuɗin ƙarin lokaci?

Mai Gyangyaɗi: Ku fara gaya mini, hutun Salla kwana nawa ake ba masu shifti a wajenku? Bara ranar Idi a bakin inji na yi ta.