Sauya sararin sama a hoton gida: me ya sa nawa bai zauna ba?

Abba Kawo: Salamu alaikum. Na ɗauki hoton wani gida a Malali, Kaduna, da za a sa kasuwa, wajen ƙarfe huɗu na yamma, cikin hazon Janairun nan. Gidan gabas yake kallo, sama kuma ta fito fari fat. Na shiga Edit > Sky Replacement a Photoshop, na sa shuɗiya mai gizagizai. Dillalin yana gani ya ce liƙi ne. Wa ya taɓa fama da irin wannan?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni abin da ya gyara mini hoton wani shago a Barnawa shi ne Flip. Duba inda inuwar falwaya ta faɗi, ka juya gizagizan har gefensu mai haske ya koma ɓangaren rana.

Malam Mai Hoto: Gaskiyarki Hajiya, amma Flip hagu da dama kawai yake gyarawa. Abba, gidanka yana kallon gabas, ke nan kai yamma ka fuskanta. A Janairu ranar Kaduna ta karkata kudu, don haka tana bayan gidan ta hagunka, fuskar ginin kuma tana cikin inuwa. Duk wanda ya fuskanci rana, sama fara-fara yake gani, gizagizai kuma cikinsu da duhu, bakinsu ne ke ƙyalli. Shuɗi mai kauri sai ka ba rana baya ko gefe. Kai kuwa ka ɗora saman da aka ɗauka rana na bayan mai hoto.

Sannan hazo yana kashe inuwa. Dubi ƙarƙashin rufin barandar, za ka ga inuwar ba ta da kaifi. Ido ya san cewa garau ɗin sama da inuwa mai kaifi suke tafiya, shi ya sa dillalin ya gane. Nemi sama mai siririn gajimare, haskenta ta hagu, ka ƙara Brightness, ka ɗan tura Temperature wajen ɗumi saboda jan ƙurar da ke bangon.

Ɗan Tudun Wada: Ni a waya nake yi, minti ɗaya na gama. Wace manhaja kuke so?

Abba Kawo: Ba manhajar ba ce, ɗan'uwa. Malam, na sauya, ya fi kyau sosai. Saura gilashin tagogi, har yanzu fari ne, ga farin zare a bakin ganyen darbejiya.

Malam Mai Hoto: Ganyen, ja Shift Edge kaɗan-kaɗan har zaren ya ɓace. Tagogin kuwa saman gabas suke nunawa, wadda ke bayanka, to ɗan shuɗi mara ƙarfi za ka shafa musu.

Maman Ilham: Ni kam da komawa zan yi da hantsi, rana na dukan fuskar gidan. Malam, in an ƙara inuwa da hannu fa, shuɗin ba zai zauna ba?

Malam Mai Hoto: A miƙaƙƙen bango na ga ya yi. A gida mai ginshiƙai da baranda ban taɓa gamsuwa ba.