Saƙon damfara ya daina zuwa da karyayyen Turanci, wa ya ci karo da irinsa?

Sani Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Ni ne nake riƙe wa maigidana lissafi a Kantin Kwari, yadi muke sarowa daga Guangzhou, akwai kamfanin da mun daɗe muna hulɗa da su ta imel da WeChat. Watan jiya suka turo takardar kuɗi, za mu ba da kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, wajen dala dubu 18. Washegari sai ga wani imel a ƙarƙashin hirar tamu ta da, da sunan yarinyar da muke magana da ita, ya ambaci lambar odar daidai, da adadin bandir, har da ƙorafin da muka yi kan kalar da ta zuba a kwantenar baya, sannan a ƙasa aka ce asusunsu yana ƙarƙashin binciken haraji na ƙarshen shekara don haka mu tura kuɗin wani asusu a Hong Kong. Wallahi babu kuskuren harafi ko ɗaya. Abin da ya sa na tsaya kawai shi ne sunan mai asusun ba sunan kamfanin ba ne, na kira ta bidiyo a WeChat ta ce ita ba ta san zancen ba. Tambayata, in rubutu ya daina tona musu asiri to da me mutum zai riƙa ganewa? Duk wanda ya gamu da irin wannan ya ba mu labari.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni nawa da Hausa ma ya zo Malam Sani, Hausa tsaf kamar ta labaran rediyo. Wai daga banki, an ce BVN ɗina bai dace da NIN ba saboda bambancin ranar haihuwa, in ban gyara cikin awa 24 ba za a rufe asusun, ga linki. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne da gaske ina da wannan matsalar ta ranar haihuwa, rabin mutanen unguwarmu ma suna da ita ai. Da can irin saƙon nan da “masoyi abokin ciniki” yake farawa mu yi dariya mu goge, wannan kuwa har da “muna ba ki haƙuri bisa wannan tsaiko”. Na danna, shafin ya nemi lambar katin ATM da lambobi 3 na bayansa da PIN, a nan na rufe don ban ga haɗin PIN da ranar haihuwa ba.

Abba Zariya: Ni fa ina gane rubutun inji irin su ChatGPT daga layin farko. Gaisuwa ta yi yawa, komai a jere, Hausarsa kuma ƙamshin Turanci take yi kamar an fassara. Mutum ba ya rubutu haka. Kuma akwai shafukan da za ka liƙa rubutu su faɗa maka na mutum ne ko na inji, ku riƙa sawa a can kawai.

Injiniya Bala: Abba rabin maganarka gaskiya ce. In mutum ya buɗe manhajar ya ce rubuta min saƙon banki kawai, to haka yake fitowa da ladabi mai yawa. Amma ka duba abin da ya faru da Malam Sani. Wanda ya rubuta saƙon nan ya san lambar oda da maganar kala, ke nan ya riga ya shiga akwatin imel na ɗaya daga cikinsu, ko na kamfanin ko na Kwari, ya zauna yana karanta hirar shiru har lokacin biyan kuɗi ya zo. Mai irin wannan damar zai kwafi tsofaffin saƙonnin yarinyar ya ba inji ya ce ci gaba da salonta, in tana cin harafi shi ma ya ci, in tana gajarta kalma ya gajarta. To wane ƙamshi za ka ji? Su kuma shafukan gano rubutun inji ban da amana a kansu, su kansu masu ChatGPT sun fito da irin wannan na'urar a farkon 2023 suka janye ta bayan 'yan watanni saboda ba ta cika dacewa ba. Kuma ko ta dace me ta faɗa maka? Bankinka na gaskiya ma yana iya rubuta sanarwa da inji, ɓarawo kuma yana iya rubutawa da hannunsa.

Malam Sani don Allah koma kan imel ɗin, kar ka kalli sunan da ya bayyana, taɓa shi ya buɗe cikakken adireshi, ka gwada da na tsohon saƙo harafi da harafi. Sannan ka nemi layin `Reply-To`, a Gmail na kwamfuta yana cikin `Show original`.

Sani Kwari: Injiniya na duba. La ilaha illallahu. A sunan kamfanin akwai `m`, su kuma sun sa `rn`, a waya in ba ka ƙura ido ba ɗaya suke. Ragowar duk iri ɗaya ne har hoton sa hannunta.

Injiniya Bala: To ka gani. Sun sayi adireshi mai kama da na kamfanin, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, suka kwaso tsohuwar hirar suka liƙa a ƙasa don ya zama kamar ci gaba ne. Da ka danna amsa ka tambaya “da gaske kun canza asusu?” su ne za su amsa maka cikin minti biyu da kyakkyawan Turanci su ce ƙwarai kuwa, har da takarda mai hatimi. Abin da ya cece ka shi ne ka bar hanyar da saƙon ya biyo ka bi wata hanyar da ka riga ka sani. Saura aiki biyu yau ɗin nan: ku canza faswod na imel ɗin shago ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, sannan ka shiga `Settings` ka duba `Forwarding` da `Filters`, don sau da yawa suna barin umarni a can cewa duk saƙon da ya ƙunshi kalmar `invoice` a tura musu kwafi, ka canza faswod amma suna nan suna karantawa. Ka faɗa wa yarinyar su ma su duba nasu, ba mamaki ɓarakar daga can take.

Alhaji Ɗanjuma Wapa: Injiniya ka yi bayani amma bari in kawo cikas, ni harkar canji nake. Maganar sunan asusu bai dace da na kamfani ba, wallahi a kasuwancin Chana wannan kullum ne. Mai kaya na gaskiya zai ba ka asusun ƙaninsa ko na wani kamfani a Hong Kong, wata uku ya sake wani. In na ce duk asusun da ya canza damfara ce sai in rufe ofis. Ni abin da nake yi, duk sabon asusu sai mai kayan ya karanto min lambobin ƙarshe da bakinsa a bidiyo, kuma ni ne zan kira, ba shi ba.

Hassan Mai POS: Ai ni ma sun yi min, wani yaro ya zo cire dubu 40 ya nuna min alat a wayarsa har da risit, layi ya yi tsawo na ba shi, kuɗi har yau ba su shigo ba. Allah ya isa.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri Hassan, amma wannan alat na bogi ne, daban da wanda ake magana. Injiniya ni linkin nawa fa da sunan bankin ya fara, har da ɗan kwaɗon nan a gefe, shi ya sa na danna.

Injiniya Bala: Hajiya ba daga farko ake karanta linki ba. Ga misali na ƙirƙira:

```
https://bankinki.com.ng.gyara-bayanai.top/shiga
```

Ki tsallake `https://`, ki tafi har sandar farko `/`, sai ki karanta abin da ke gabanta ta hagu. Mai gidan a nan shi ne `gyara-bayanai.top`, duk abin da aka jera kafin shi ado ne, mai adireshin yana iya rubuta sunan kowa a wurin. Kwaɗon kuma ba shaidar gaskiya ba ne, yana nufin babu mai leƙen abin da kika rubuta a hanya, amma wanda ke ƙarshen hanyar zai karɓa lafiya lau, kuma kyauta ake samunsa. Kin yi daidai da kika tsaya a PIN. Tunda ba ki rubuta komai ba kika rufe, da wuya a ce an ɗauki wani abu, sai dai in shafin ya sa kin sauke wata manhaja, wannan ki duba ki cire.

Issoufou Maraɗi: Mu nan da Faransanci suke zo muna. Da can Faransancin kansa ke korar mutum, yanzu kamar daga ma'aikatar gwamnati. Ƙanena an aiko mishi wai ya samu gurbin karatu waje, sai da ya yi kwanaki yana musayar saƙo da su, duk tambayar da ya yi a ba shi amsa mai tsawo nan take ko da ƙarfe biyun dare ne, daga ƙarshe aka ce ya aika jika 50 kuɗin buɗe dosiye. Ya aika. Abin da na lura daga baya da na karanta hirar, ko sau ɗaya ba su ƙosa ba, kuma da ya nemi a yi magana ta murya sai uzuri.

Injiniya Bala: Wannan ita ce ta fi damuna Malam Issoufou. Da, ɗan 419 ɗaya mutum nawa zai iya lallashi a rana? Dole ya zaɓi wanda ya ga alamar zai faɗa ya bar sauran. Yanzu lallashin ba ya cin lokacinsa, zai iya riƙe hira da mutane da yawa kowa da harshensa, don haka masu yawan tambaya ma da a da ake ƙyale su yanzu ana bin su har ƙarshe.

Abba Zariya: Na ji Injiniya, amma tsakani da Allah wa ya tabbatar inji ne ya rubuta na Malam Sani? Akwai 'yan damfara masu digiri fa, tun kafin ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ana canza wa mutane asusu a imel.

Injiniya Bala: Ba wanda ya tabbatar, kuma daga rubutun kaɗai ba za a iya ba. Abin da na sani shi ne a da sai mai ilimi yake iya wannan, yanzu wanda bai gama sakandare ba ma zai iya. Alhaji Ɗanjuma, dabararka ta bidiyo tana da kyau a yanzu, amma a 2024 an yaudari ma'aikacin wani kamfani a Hong Kong da taron bidiyo na fuskokin bogi ya tura kimanin dala miliyan 25. Su ne suka gayyace shi taron, shi ya sa maganarka ta “ni zan kira” ta fi bidiyon kansa nauyi.

Alhaji Ɗanjuma Wapa: To in WeChat ɗin mai kayan ne gaba ɗaya aka sace fa, na kira ɓarawo ya ɗauka da fuskar mutumina? Ni dai in kuɗin ya haura abin da zan iya ramawa, yaronmu da ke Guangzhou nake sawa ya hau mota ya je masana'antar. Waɗanda ba su da yaro a can ban san me zan ce musu ba.

Sani Kwari: Injiniya na shiga `Filters`, babu komai a namu, `Forwarding` ma a kashe yake. Yarinyar ta ce wani kwastomansu na Legas shi ma an turo masa asusun nan kuma shi ya riga ya biya. Maigida yana tambaya, in aka biya irin wannan bankin can yana iya tsayar da kuɗin ko shi ke nan?