Takardar tayin sayen gida a Unguwar Dosa: me zan rubuta, kwana nawa zan ba shi?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Na ga gida a Unguwar Dosa, ɗaki huɗu, akwai ɗan haya a ciki. Mai gidan ya sa miliyan 38, ni kuma ƙarfina 33. Dillali ya ce Alhajin ba ya sauraron tayin baki, sai a rubuce. Me zan sa a takardar, kuma kwana nawa ya kamata in ba shi ya yanke shawara?

Dillalin Kawo: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tsawaita. Rubuta sunanka, sunan Alhaji, adireshin gida da farashi, ka ba shi kwana 30, ka haɗa da kafin alƙalami ko da miliyan ɗaya ne. Mai gida ba ya ɗaukar mai saye da muhimmanci sai ya ga kuɗi. Ka kuma faɗi wanda zai biya la'ada, don a nan ake yawan saɓawa.

Lauya, Unguwar Rimi: Maganar la'ada gaskiya ce, amma kwana 30 da kuɗi tun yanzu ban goyi baya ba. Baban Khalifa, wa'adi uku ne a cinikin nan, kuma cuɗa su wuri guda shi ke kai mutane kotu.

Na farko shi ne wa'adin tayin kansa, wato lokacin da Alhaji zai ce ya sallama ko bai sallama ba. Kwana 7 ya isa. Idan ka ba shi wata guda, takardarka za ta zama abin da dillali zai riƙa nuna wa wasu yana cewa ga an taya 33, wa zai ƙara, kai kuma kana zaune kuɗinka na jiran gida ɗaya. Kuma kada ka rubuta "mako guda" kawai, domin za a yi musu a kan ranar da aka fara ƙirga, ranar da ka sa hannu ko ranar da ta isa hannunsa. Rubuta rana da lokaci, kamar haka: "Wannan tayi zai faɗi da ƙarfe 4 na yammacin Juma'a, ranar kaza ga watan kaza, sai fa in amincewar mai gida a rubuce, da sa hannunsa, ta iso hannun lauyana kafin lokacin." Kalmar "ta iso" da gangan na sa ta. Saƙon dillali cewa Alhaji ya yarda ba amincewa ba ce.

Na biyu shi ne wa'adin bincike, wanda zai fara bayan ya sallama. Ka nemi kwana 21, kuma ka sa ƙirgar ta fara daga ranar da ya ba ka kwafin satifiket ɗin mallaka, ba daga ranar sallamawa ba, don idan ya riƙe takardun mako biyu lokacinka ne zai cinye. Lauyanka zai kai lambar fayil KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a duba sunan wa ke kan fayil ɗin, ko an jinginar da gidan a banki, ko wani ya shigar da ƙorafi a kansa, da kuma bashin kuɗin ƙasa. Saboda haka lambar fuloti da lambar satifiket su fito a takardar tayin, ba "gidan Alhaji da ke kusa da masallaci" ba.

Na uku, wa'adin cika kuɗi. A kan miliyan 33, abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100, wato miliyan 3 da dubu 300, ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar ciniki bayan bincike ya fito lafiya. Ragowar miliyan 29 da dubu 700 a biya cikin kwana 30, a zama ɗaya da karɓar ainihin satifiket, makullai da takardar miƙa mallaka. Farashin ka rubuta shi da lamba da kalmomi.

Layin da ya fi kowanne muhimmanci: ka faɗa ƙarara cewa takardar nan ba ita ce yarjejeniyar sayarwa ba, kuma ciniki ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a cikakkiyar yarjejeniya. Idan babu wannan layin, Alhaji ya rubuta "na amince" a ƙasan takardarka, lauyansa zai iya cewa ciniki ya ƙullu tun kafin ka ga fayil.

Maman Ummi: Ni dai shawarata a kira mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu, a buga hatimi. Da wannan takardar ai gida ya zama nasa.

Lauya, Unguwar Rimi: Hajiya, wannan matakin bai zo ba tukuna, tayi kawai ake yi. Kuma gidan da ke da satifiket, hatimin mai unguwa ba ya mayar da shi sunan mai saye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce sai da yardar gwamna. Don haka ma ya kamata a sa a sharuɗɗa cewa Alhaji zai sa hannu a duk takardun neman yardar, a kuma faɗi wanda zai ɗauki kuɗin rajista.

Mai Kula da Gidajen Haya: Ɗan hayan nan kada a wuce shi. Ka nemi ganin rasit ɗinsa na ƙarshe. Idan hayar shekara yake yi kuma babu wata yarjejeniya daban, sanarwar wata 6 ake ba shi, kuma idan ya ƙi tashi sai kotu, ba a cire masa ƙofa. Kenan in Alhaji ya karɓi hayar shekara wata biyu da suka wuce, ba za ka shiga gidan kwanan nan ba. Zaɓi biyu gare ka: ko ka rubuta cewa ragowar kuɗi sai gida ya zama babu kowa, ko ka gaji ɗan hayan a cire maka hayar watannin da suka rage daga farashi. Sannan ka ɗauki lambar mita a duba bashin wuta, ka lissafa abin da ke cikin ciniki: famfon burtsatse, tankin ruwa, mita. Waɗannan su ake kwancewa daren tashi.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. To idan ya dawo ya ce 35 fa, ni kuma na ƙi, zai iya komawa ya karɓi 33 ɗin tunda wa'adi bai cika ba?

Lauya, Unguwar Rimi: Ba dole a kanka. Da zarar ya ce 35, tayinka na 33 ya mutu, nasa ne sabon tayi, sai in kai ka sabunta. Haka kuma kana iya janye tayinka kafin ya amince, ko da kwana 7 ɗin ba su cika ba, muddin sanarwar janyewar ta isa gare shi tukuna. Shi ma bai ɗauru ba, yana iya sayar wa wani a cikin kwanakin. Biyan kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan satifiket. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan sama da miliyan 5 tsaba hannu da hannu.

Dillalin Kawo: Barista, duk na ji, amma masu gida da yawa ba za su tsayar da gida kwana 21 ba tare da ko sisi ba. Wani zai zo da kuɗi ya ɗauke.

Lauya, Unguwar Rimi: In ya dage, a ajiye kuɗin hannun lauya a matsayin amana, a rubuta cewa za a mayar cikin kwana 7 idan bincike ya nuna matsala. Idan kuma mai saye ne ya fasa haka kawai, galibi mai gida ke riƙewa.

Malam daga Tudun Wada: A wannan gaɓar ta ƙarshe akwai magana. A mazhabar Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don an fasa ciniki ba, Hambaliyya ne suka halatta. Baban Khalifa, ku tsayar da wannan kai da Alhaji tun kafin kuɗi ya fita.

Dillalin Kawo: Allah gafarta Malam, in aka rubuta cewa kuɗin zai dawo ko da mai saye ne ya fasa, ban ga abin da zai sa Alhaji ya jira ba.