Wace kalmar Hausa za ta dace da «densiti altitud»?

Mai fassara daga Zariya: Salamu alaikum. Ina fassara wani darasi na masu koyon tuƙin jirgin sama, na ci karo da abin da matuƙa ke kira «densiti altitud». Abin da na fahimta shi ne, idan rana ta yi zafi a filin jirgin da ke kan tudu, jirgi yakan ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, kamar dai filin ya ƙara hawa sama. Na rubuta «tsayin nauyin iska», amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tsohon matuƙi: Wa alaikumus salam, Malam. Ka cire «nauyi», domin zai rikice da matsin iska, wanda shi ne agogon tsayi na jirgi yake aunawa, kuma agogon nan ba ya nuna wannan matsala ko kaɗan. Ɗauki filin jirgin Jos da ke Heipang, wanda ya kai kimanin ƙafa 4,200 sama da teku. A ma'aunin da ake lissafin jirage da shi, zafin iska a bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, saboda haka a Jos ya kamata ya zama wajen digiri 7. Idan da azahar ya kai 32, an sami ƙarin digiri 25, kowane digiri kuwa ana lissafa masa ƙafa 120, wato ƙafa 3,000 ke nan. Jirgin yana tsaye a ƙafa 4,200, amma injinsa da fukafukansa suna aiki tamkar suna ƙafa 7,200. Wannan lamba ta biyun ita ce kake nema wa suna.

Malama mai koyar da Hausa: To, ai a madafa muna da kalmar. Kunu yakan yi kauri, yakan kuma tsinke. Idan zafi yana sa iska ta buɗe har abin da ke cikin mudu guda ya ragu, sai mu ce iska ta tsinke. «Tsayi» kuma na mutum ne da itace, na ƙasa «tudu» ake cewa. Ina ba da shawarar «tudun kaurin iska».

Ɗan kasuwa daga Kano: Ni ma abin ya taɓa shafata. Cikin hunturun bara mun wuni a filin jirgi ba mu tashi ba, aka ce hazo ya yi kauri. Ashe sunansa ke nan.

Tsohon matuƙi: Alhaji, naka daban ne, matsalar gani ce, kuma sanyin hunturu ma taimakon injin yake yi. Lokacin da abin ke cizo a Kano bazara ce: filin yana wajen ƙafa 1,560, amma ranar da zafi ya kai digiri 42 lissafin yana haura ƙafa 5,000, ya wuce tudun Jos na zahiri. Hajiya, «tsinkewa» ta yi mini daidai, domin asarar ta wurare uku take shigowa lokaci guda. Injin fistin da ba shi da «turbo», wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, farfela ba ta samun iskar da za ta kama sosai, fukafukai kuma sai sun yi gudu fiye da kullum. Abin da ke ruɗin ɗalibi shi ne allurar gudu tana nuna masa lambar tashi da ya saba, sai dai tana jinkirin kaiwa wurin, yana kallon titi yana ƙarewa a gabansa. Idan ya firgita ya ɗaga hancin jirgin da wuri, jirgin zai ɗaga kaɗan ya yi ta shawagi dab da ƙasa, ya ƙi hawa. Shi ya sa ake rage kaya ko mai, ko a tashi da sassafe.

Ɗalibin injiniya: Yallaɓai, ashe da damina an huta, tunda ruwan sama yana sanyaya gari, laima kuma tana ƙara wa iska kauri.

Tsohon matuƙi: Sanyin gaskiya ne, amma laima akasin haka take yi, domin tururin ruwa ya fi busasshiyar iska rashin nauyi, sai dai tasirinsa bai kai na zafi ba.

Mai fassara daga Zariya: Na gode. Zan yi amfani da «tsinkewar iska» wajen bayani, wannan ta zauna. Amma kuskuren Alhaji ya nuna mini cewa mai karatu zai iya jin «kaurin iska» ya tuna da ƙura, sannan lambar tana ƙaruwa ne yayin da kaurin ke raguwa, don haka ina ganin «tudun tsinkewar iska» ya fi bin ma'ana.

Malama mai koyar da Hausa: Ya fi bin ma'ana, Malam, amma ya yi wa baki nauyi, kuma wani zai ɗauka iska ce ta daina kaɗawa. Ka karanta wa ɗaliban duka biyun, ka tambaye su abin da suka ji kafin ka yi musu bayani.